Kurus na da da kurus mai rada: inda suka rabu

"Jama'a, na sayi Camry 2018 'yar Beljiyam. Idan na kunna kurus a hanyar Kano zuwa Zariya, sai in ji tana rage gudu da kanta da zarar na kusa da wata mota. Tsohuwar motata ba ta yin haka. Mene ne bambancinsu, ko dai matsala ce?"

Malam, motarka lafiyarta ƙalau. Kurus dai na'ura ce mai riƙe wa mota gudu ba tare da ka taka totur ba. Tsohon kurus abu ɗaya ya sani, wato gudun da ka ba shi. Ka danna SET a kilomita 100, zai riƙe 100 ko da katanga ce a gabansa, domin ba shi da ido. Na sabuwar motarka kuwa lamba biyu yake riƙewa: gudun da ka saka, da tazarar da ka zaɓa tsakaninka da na gaba. Idan suka ci karo, tazarar ce ke rinjaye.

Idon nasa rada ce da ke ɓoye a bayan tambarin Toyota na gaban mota, kyamarar da ke saman gilas tana taimaka mata. Tana harba igiyar rediyo mai gigahaz 76 zuwa 77, igiyar ta bugi bayan motar gaba ta dawo kamar amsa-kuwwa. Jinkirin dawowar shi ke nuna nisa. Sannan igiyar takan dawo da ɗan sauyin sauti, irin yadda ƙarar hon ke canzawa idan mota ta nufo ka sannan ta wuce, kuma daga nan ake gane ko kana cin tazarar ne ko tana buɗewa.

Mu ɗauka kana kan 100, ga tirela a gabanka tana 70, tsakaninku mita 100. A kowace daƙiƙa kana cinye kusan mita 8. Da tsohon kurus, in ba ka taka birki ba, cikin daƙiƙa 12 ka shige ƙarƙashinta, kuma da ka taka birkin kurus ya mutu sai ka danna maɓallin RES ya koma gudun da ka saka. Mai rada kuwa tun daga nesa zai saki totur, in bai isa ba ya ɗan taɓa birki, har ya zauna a 70 yana bin ta a baya. Ka kunna sigina ka koma ɗaya layin, ya ga fili, ya sake hawa 100 ba ka taɓa komai ba.

Abin da mutane ke yawan kuskurewa shi ne tazarar ba mita ce tsayayya ba, lokaci ce. Maɓallin da ke kan sitiyari yana da mataki uku. A gudun kilomita 80, mai tsawo kusan mita 50 ne, na tsakiya 40, gajere 30, wato daga daƙiƙa biyu da ɗoriya zuwa ƙasa da ɗaya da rabi. Ka ƙara gudu tazarar ta buɗe, ka rage ta matse. Ni dai a kan mai tsawo nake barin tawa, duk da cewa direbobin haya na ganin wannan filin sai su kutso ciki, motar kuma ta ja birki ba shiri.

Inda za ka kiyaye shi ne abin da ke tsaye cik. Ga rada, gada da allon hanya da motar da ta lalace duk kamarsu ɗaya, saboda duk suna nufo ka da daidai gudunka. Don kada ta riƙa taka birki a ƙarƙashin kowace gada, an tsara ta ta yi watsi da yawancin abin da ba ya motsi. To ka ga idan motar da kake bi ta kauce kwatsam, sai ga tirelar da aka zuba wa ganye a titi, kurus ɗin na iya ɗauka hanya ta buɗe, har ya ƙara wuta. Ko ya gan ta ma, birkinsa bai kai rabin wanda ƙafarka za ta iya ba. Ƙarar da yake yi a lokacin ce maka yake ka karɓi mota. Babur da kwana mai kaifi su ma suna ruɗa shi, kuma wasu samfuran Camry na wannan shekarar suna sakin kurus idan gudu ya sauka ƙasa da kusan 40.

Hazon hunturu bai cika damun radar ba, kyamarar ya fi damu. Laka a kan tambarin kuwa tana makantar da ita, sai a goge. Tunda 'yar Beljiyam ce, ka duba ko an taɓa gyaran gabanta, domin tambarin da ba na asali ba ko rada da ta ɗan karkace kan sa ta ja birki saboda motar da ke wani layin. Wannan sai an saita da kwamfuta.

In kana son irin na da, danna ON/OFF ka riƙe kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, zai koma riƙe gudu kawai. Sai dai a wannan yanayin ba zai rage maka gudu a bayan kowa ba.