Waƙar hadda, katin kwali ko aplikasiyo: wanne zai riƙe maka lambobin kod?

"Salamu alaikum ƴan uwa, saura sati 3 in shiga jarrabawar kod ta dokokin tuƙi a nan Damagaram, lambobin gudu da na tazara da kuɗin tara duk sun cakuɗe mini a ka. In haɗa su kamar waƙa in haddace, ko in yi ƴan katuna, ko in sayi aplikasiyo a waya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Yi katuna na kwali, kuɗinka kuma ka bar su a aljihu. Amma kafin ka yanka kwali ko guda ka ware lambobin nan kashi biyu, don rabinsu ba haddace su ake ba, lissafa su ake.

Duk abin da ya shafi tazara lissafi ne. Ka ɗauki gudun ka jefar da sifirin ƙarshe, 90 ta zama 9. Sau 3 shi ne abin da mota ke ci a daƙiƙa guda kafin ƙafarka ma ta taɓa birki, mita 27. Sau 6 shi ne tazarar daƙiƙa 2 da za ka bari tsakaninka da na gabanka, mita 54. In ka buga lambar da kanta, 9 sau 9, ka samu inda motar za ta tsaya cak a busasshiyar kwalta, mita 81. Ni abin da na riƙe kenan: uku na farga, shida na bi, kanta na tsaya. Waƙar da nake da ita duka ke nan, kuma a nan kaɗai waƙa ta yi mini rana. Gwada da 50: 15, 30, 25. Sai dai ka sani ƙiyasi ne na jarrabawa, a ƙaramin gudu yana ƙarya, a 30 zai ba ka 9 na farga da 9 na tsayawa, kamar birkin ba ya cin ko taku ɗaya. Kuma in an ce kwalta a jiƙe take, ɓangaren birki kaɗai ake ninkawa, ba duka ba: a 50, cire 15 daga 25 saura 10, ninka ta zama 20, mayar da 15 ɗinka, 35. A nan mutane da yawa ke rubuta 50 su faɗi.

Iyakar gudu da kuɗin tara kuwa babu lissafin da zai fito maka da su, haka doka ta ajiye su, su ne na kati. Na taɓa jera su a waƙa ina rerawa bisa moto daga Zango har oto-ekol, daɗi kamar me, amma ranar da monite ya tsinko mini tambaya daga tsakiya sai da na koma farkon baiti ina motsa baki, kafin in iso wurin an wuce tambaya ta gaba. Kamar yaron allo ne da bai iya ɗauko aya sai ya faro daga kan sura.

Katunana daga kwalin sukari na yanka su, wajen mai shayin ƙofar gidanmu na roƙo, guda 40 da ƴan kai, kowanne bai wuce faɗin kwalin ashana biyu ba. Gaba tambaya, baya amsa, kuma kati ɗaya abu ɗaya tak. Kar ka rubuta "iyakar gudu" a gaba ka zuba lambobi biyar a baya, wannan ba kati ba ne, shafin littafi ne ka rage wa girma. Rubuta "ƙaramar mota, cikin gari?" kati guda. "Babbar mota mai kaya, bayan gari?" wani katin daban. Sannan ka samo gwangwani uku. Na farko kullum ake buɗe shi, na biyu duk kwana 3, na uku sau ɗaya a sati. Kowa daga na farko yake farawa. Ka karanta tambaya, ka faɗi amsa da bakinka da ƙarfi KAFIN ka juya, in daidai ne ya hau gwangwani na gaba, in ka kuskure ko ka tsaya kame-kame ya koma na farko ko da daga na uku ya fito, babu alfarma. Wani Bajamushe ne Sebastian Leitner ya fito da tsarin a 1972, dabarar kuwa ita ce ka dawo kan abu lokacin da ya fara shirin zame maka, ba lokacin da yake ɗanye a kai ba. Shi ya sa karanta shafi sau goma a dare ɗaya ba ya kai ka Juma'a.

Da sati 3 ɗinka, kar ka zuba 40 rana ɗaya. Sabbi 8 kullum, kwana 5 sun shige duka, daga nan bita kawai, minti 10 bayan asuba ya isa. Ni ƙanwata ce ke riƙe mini su bayan isha'i muna zaune a tabarma, ta cakuɗa ta jawo, in na yi "eh to..." sai ta jefa a gwangwanin farko tana dariya, har ta riga ni haddacewa ita da ko keke ba ta iya ba. Akwai kati ɗaya da ya dawo sau huɗu, sai na gane ba ƙwaƙwalwata ba ce, wani katin ne mai kama da shi suke shiga wa juna, taruka biyu masu kusan kuɗi ɗaya. Na yi musu kati na uku mai tambayar wanne ya fi tsada, shi kenan suka rabu. In ka ga kati ya ƙi hawa, nemi abokin rikicinsa.

Wani abu kan kuɗin tara, rubuta shi yadda yake a littafi, da faran. Mu da muke lissafi da dala da jika, in ka haddace "dala dubu" ka shiga ɗaki ka ga 1.000 da 5.000 cikin zaɓi, hannunka 1.000 zai nufa alhali 5.000 ce.

Aplikasiyo kuma, to, yana aiki. AnkiDroid kyauta ne, ba ya buƙatar koneksiyo wajen bita, shi ke lissafa maka ranar da kati zai dawo. In kana da haƙurin buga tambayoyin da kanka kuma wuta ba ta yanke maka sharji, ga shi nan. Ni duk sanda na ɗauki waya don bita a WhatsApp nake ƙarewa.

Wanda na saya da kuɗi shi ne har yau yake mini ciwo. Wani ya tura mini wai tambayoyin jarrabawa ne na asali, na biya jika biyu, na yi kwana huɗu ina haddar 130 a otorut da tara da kuɗin yuro da makin da ake cirewa a permi, ashe kod ɗin Faransa ne aka canza wa bango. Wace otorut tsakanin nan da Mirya? Haka masu fotokopi da ke tare mutane kusa da wuraren koyon tuƙi, wasu tsohon bugu suke sayarwa sun yage shafin da shekara take. Kafin ka biya buɗe shafin tara, in ka ga alamar € ko ka ga ana maganar dusar ƙanƙara, miƙa masa kayansa. Wanda kuma ya ce ba shi kuɗi ya samo maka amsoshin ranar, daga ka tura lambarsa ta daina shiga.

Lambobin da za ka sa a bayan kati ka kwafo su daga littafin da oto-ekol ɗinku ke koyarwa da shi bana, ka kai wa monite ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka fara, don in kuskure ya shiga gwangwani shi ma daram zai zauna. Yau da dare ka yanka takwas na farko.