Janareta 2.5 ɗin da na saya, da yadda na kusa cin zalin ƙanena a kan mai

Wata huɗu ke nan da na ɗauko janaretan nan a kasuwa a nan Birnin Kebbi, irin mai 2.5 ɗin nan mai tanki lita 15, na ja da igiya. Tsakani da Allah ta fannin tashi ba ni da ƙorafi, ja ɗaya ko biyu ya kama, ƙararsa ma da dama-dama. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar shan mai, don a kanta na yi abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A jikin kwalin an rubuta cewa cikon tanki yana awa 15 a rabin lodi. Ni kuma kayan da nake kunnawa da dare ba su taka kara sun karya ba, ƙwan fitila uku masu wat goma-goma, fanka biyu na sama wat saba'in kowace, talabijin wat sittin, sai cajin wayoyi, gaba ɗaya dai wajen wat 250. Rabin lodin injin wat 1,000 ne, tunda ainihin ƙarfinsa 2,000 ne, wancan 2.5 ɗin, wato wat 2,500, iyakar da zai iya taɓawa ne na ɗan lokaci. Sai na yi lissafi irin na kowa, na ce tunda kashi ɗaya cikin huɗu na rabin lodi nake ja, ai tanki zai kai ni awa sittin, wato dare goma sha biyu in ina kunna awa biyar. Mai shagon ma da na faɗa masa haka sai ya ce "ƙwarai kuwa Alhaji, ai wannan lasar mai yake yi".

Dare biyar tanki ya ƙare. Na sake cikawa, dare biyar ya sake ƙarewa. Ƙanena da ke zaune wurina yana karatu shi ke tayar da injin, kuma yana da babur, to ka san inda zuciya za ta kai mutum. Na kira shi gaban matata na ce ya gaya mini gaskiya ina man yake zuwa. Yaron nan bai ɗaga murya ba, ya ce "Yaya wallahi ko ɗigo ban taɓa zuƙa ba, amma ka riƙe makullin ɗakin ka gwada da kanka". Na riƙe makulli, ni ke kunnawa ni ke kashewa, dare biyar cif tanki ya ƙafe. Ban san da wane ido zan dube shi ba, sai da na bi shi har ɗaki na ba shi haƙuri.

Daga nan ne na ce sai na auna abin nan da hannuna. Kar wanda ya dogara da ɗan agogon mai na saman tanki, wannan jan abin yana iya nuna rabi alhali saura kwata. Na ajiye injin a daɓe mai daidai, na cika mai har ya taɓa gindin ragar da ke bakin tanki, nan ce alamata. In kunna awa biyu daidai da agogon waya, in kashe in bar shi ya huce, sannan in mayar da mai da kofin awo mai layi-layi har ya dawo alamar, abin da ya ci in raba biyu. Awa biyu nake yi saboda tankin yana da faɗi, a awa ɗaya man ba ya sauka sosai har ka gane bambanci. Kuma don Allah kar a zuba mai inji na da zafi, ba abin wasa ba ne.

Da na kunna shi babu ko ƙwai ɗaya a jiki, rabin lita ya sha a awa. Rabin lita fa, bai haska komai ba. Da kayana na dare, wat 250, ya sha lita 0.6. Na ƙara injin jan ruwa ya zama wajen wat 1,000, ya sha lita ɗaya. Na ɗora hitar ruwa a kai muka kai kamar 1,800, muryarsa ta canja ta yi nauyi, ya sha lita 1.4. Makanikin da ke duba mini shi ya ce haka irinsu suke, dole injin ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti ko da lodi ko babu, in ba haka ba wutar ba za ta fito daidai ba, to wannan juyin shi ke cinye rabin litar nan kafin a zo maganar kayanka. Kenan a nawa lissafin ya zama rabin lita kuɗin zama, sai ƙarin rabin lita a kan kowane wat 1,000.

In ka mayar da shi kuɗi abin ya fi ciwo. A sa lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, kowa ya sa farashin da yake saye. Dare ɗaya awa biyar lita uku, naira 3,000, a wata 90,000, saboda fanka biyu da talabijin. Yunit ɗaya na wuta shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, to a lodina na dare sai na yi awa huɗu kafin in ci yunit ɗaya, ya tashi a naira 2,400. A wat 1,000 yunit ɗin naira 1,000 ne, a 1,800 kuwa bai kai 800 ba. Ga baƙin mai, da ake juyewa duk awa hamsin, ni da nake awa 150 a wata sau uku ke nan, kuma wannan ma ba wanda ya ambata mini ranar saye. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 irin wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi.

Yanzu abin da muke yi, jan ruwa da guga da firiza duk a awa biyun farko na dare, a caja fanka mai batir da fitilu a lokacin, ƙarfe goma a kashe. Sai dai kar a tayar da firiza da injin ruwa tare, suna fizgar wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, sau ɗaya na yi haka injin ya shaƙe ya mutu. Kuma duk wanda ya auna nasa ya ga babu lodi ya haura rabin lita sosai, ya duba hayaƙi, in baƙi ne kuma kan fulogi ya yi baƙin toka to ko cok bai buɗe duka ba ko soson iska ya cika da ƙura, nawa da iskar hunturu ta fara sai da na wanke shi sau biyu a wata.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce injin ba shi da laifi, kuma lallai abin da kwali ya faɗa ya cika, lita ɗaya a awa a rabin lodi. Amma mai shagon nan ya ji kayan da na lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, ya san ƙaramin inji ko ƴar sola ta ishe ni, ya dube ni ya ce lasar mai yake. Tauraro biyu na ba injin, kuma ba zan sake taka shagon ba.