Na bar kwas a wata na 3, amma sai da na biya kuɗin wata 6

Wallahi har yanzu in na tuna wannan cibiyar koyon kwamfuta raina sosuwa yake yi, kuma ba don koyarwarsu ba, malaminmu na zangon farko mutumin kirki ne ya iya aikinsa. Abin da ya haɗa ni da su maganar biya kashi-kashi ce da yadda aka yi da ni lokacin da na ce zan bari.

Kwas ɗin na wata 9 ne, an raba shi zango 3, kowane zango wata 3. Ranar rajista ka ba da kashi 10 cikin 100 na kuɗin gaba ɗaya, wannan ba a mayarwa ko me ya faru, kuma sun faɗa mana tun farko ban da ƙorafi a kansa. Sauran kashi 90 ɗin sai aka raba gida 9, banki na cirewa ranar 1 ga kowane wata. Ni a kaina duk ɗauka nake kamar data ne, ka biya na wata ka yi amfani, ran da ka daina biya shikenan an rabu. Ashe ba haka ba ne, sa hannun da na yi a fom ɗin nan na ɗauki nauyin kuɗin kwas ɗin ne dukansa, rarrabawar sauƙi ne kawai suka yi min wajen biya.

Ana cikin wata na 2 aka canza min lokacin aiki aka mayar da ni yamma, daidai lokacin aji. Ban ɓoye ba, a satin ƙarshe na watan na je wajen matar da ke zama a teburin karɓar baƙi na ce Anti zan ƙarasa wannan zangon amma ba zan dawo na biyu ba, me ya kamata in yi? Ta ce ba komai Allah ya sa haka ya fi alheri, za ta faɗa musu. Ko takarda ba ta miƙo min ba, ba ta ce in rubuta komai ba. Na lallaɓa na gama wata na 3 da ƙyar ina musayar aiki da abokin aikina, aka cire kashi na uku, sai na je banki na tsayar da cirewar. A lissafina na biya kashi 40, na yi karatun wata 3, babu mai bin wani.

Tsakiyar wata na 5 sai ga saƙo ta imel wai ana bi na kashi 60 cikin 100, wato duk abin da ya rage har ƙarshen kwas, da tarar jinkiri ta wata biyu a kai, in biya cikin kwana 14. Na karanta ya fi sau biyar. Daren nan ban yi barcin kirki ba, sai da na zazzage jakar takarduna na nemo kwafin yarjejeniyar, shafi 4 ce da ƙananan rubutu, kuma gaskiya ranar ce na fara karanta ta. Abu biyu na gani. Na farko mai son janyewa sai ya rubuta wa ofishin kuɗi takarda aƙalla kwana 30 kafin sabon zango ya fara, in bai yi ba kuɗin wannan zangon ya hau kansa ko ya zo aji ko bai zo ba. Na biyu in ka tsallake biya sau 2 a jere, ragowar kuɗin duka ya zama wajibi a lokaci ɗaya. Wato tsayar da cirewar da na yi a banki bai soke komai ba, shi ne ma ya jawo min wannan na biyun.

Abin da ya fi ci min rai, lokacin da na yi wa matar nan magana saura kwana 30 da 'yan kai zango na biyu ya fara. Ina cikin wa'adi! Da ta ce min rubuta layi biyu ka kai ofishin can, da ko sisi ba za a bi ni ba.

Washegari na je a fusace. Aka tura ni wajen akantansu, wani dattijo, kuma a nan dole in faɗi gaskiya mutumin ya yi min adalci fiye da yadda na zata. Ya bar ni na gama faɗana tas sannan ya ce Malam zauna mu yi lissafi. Ya ce zango na biyu ya riga ya fara da sunanka a rajista, an riƙe maka kujera da kwamfuta ba a ba wani ba, wannan kashi 30 ɗin ba ni da ikon cire shi. Amma zango na uku sai wata na 7 zai fara, yau saura wajen kwana 45, in ka rubuta takardar janyewa yanzu a gabana na buga mata hatimi da kwanan wata, wancan kashi 30 ɗin ya faɗi. Na ce to maganar a biya duka a lokaci ɗaya fa? Ya ce in na biya na wata 4 da na 5 a satin nan zai mayar da ni kan tsarin da, na wata 6 ya fita a lokacinsa. Tarar ma ya yafe ta wata ɗaya. Na rubuta a tsaye, ya buga hatimi, ya yi min hoto na riƙe kwafi. Daga kashi 60 aka dawo 30 da tarar wata ɗaya, na fito ina ta yi masa godiya har na ji kamar na zalunce su da na zo da faɗa.

Amma da na koma gida na sake tunani abin ya dawo min sabo. Kashi 70 na biya gaba ɗaya a kan karatun wata 3 cikin 9. Sati 6 cur ana kiran suna a aji ba na nan, babu wanda ya ɗaga waya ya ce lafiya ba mu gan ka ba, sai da biya na biyu ya wuce sharaɗin nan ya kama ni sannan suka tuna da lambata da imel ɗina. Ranar 2 ga wata na 4 sun san kuɗi bai shigo ba, me ya hana su magana a lokacin? Kuma a bakin akantan na fara jin wai suna da tsarin ɗage karatu, mutum ya ajiye gurbinsa ya dawo tare da 'yan aji na gaba ba tare da kuɗinsa ya ƙone ba, amma shi ma sai an nema kafin zango ya fara. Ni da matsalata lokacin aiki ce kawai, ai wannan ne daidai da ni, da na sani ko janyewar ba zan yi ba. Na tambaya ko za a mayar min da kashi 30 ɗin zango na biyu ya zama na ɗagewa tunda ko sau ɗaya ban zauna ba, aka ce lokaci ya wuce.

Na nemi a kira matar ta tabbatar na yi mata magana, ta ce ta tuna fuskata amma ba ta tuna me muka ce ba. Ban ga laifinta sosai ba, mutane nawa ke wucewa ta gabanta a rana, laifin na waɗanda suka ajiye ta a wurin ne ba su koya mata ta ce a rubuta ba.

Takardar shaidar zangon farko ma riƙe ta suka yi sai da na wata 6 ya fita. Da na je karɓa na ce a haɗa min da takarda mai hatimi cewa babu sauran bashi a kaina, aka ce ba su saba bayarwa ba, na ce ba zan tashi ba sai da ita, sai da na yi zaman kusan awa 2 kafin a buga min. Tauraro biyu na ba su, ɗaya na malamin zangon farko ɗaya na dattijon nan.