x = 2 tan θ ko x = 2 sinh t: wanne ya fi sauƙi a gaban √(x² + 4)?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi ∫ dx/√(x² + 4) da x = 2 tan θ, na samu ln(x + √(x² + 4)) + C. Abokina ya yi da sinh, ya samu arsinh(x/2) + C. Waye ya yi kuskure a cikinmu, kuma wace hanya ta fi?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Babu wanda ya yi kuskure. Amsa ɗaya ce kuka samu, rubutun ne ya bambanta. Bari mu jera hanyoyin biyu ka gani da idonka.

A taka hanyar, dx = 2 sec²θ dθ, abin da ke ƙasa kuma ya koma 2 sec θ, sai aikin ya rage ∫ sec θ dθ. Nan dole ka tuna cewa amsarsa ln|sec θ + tan θ| ce, sannan ka zana alwatika domin ka dawo da x. Yawancin ɗalibai haddar wannan amsa kawai suka yi, in ta kuɓuce musu a ɗakin jarrabawa shi ke nan.

Abokinka ya dogara ne da cosh²t − sinh²t = 1. Da ya sa x = 2 sinh t, sai x² + 4 ya zama 4 cosh²t, wato √(x² + 4) = 2 cosh t. Shi ma dx = 2 cosh t dt ne. Na sama ya cinye na ƙasa, ∫ dt kaɗai ya rage, amsa t + C. Tun da cosh ba ya taɓa sauka ƙasa da 1, babu ma fargabar alamar ragi wajen cire √.

To ina logaridim ɗin ya ɓuya? Yana cikin arsinh. Ai sinh t = (eᵗ − e⁻ᵗ)/2. Ka kira eᵗ da y, ka ce sinh t = u, za ka samu y² − 2uy − 1 = 0, don haka y = u ± √(u² + 1). Wanda ke da ragi bai kai sifili ba, eᵗ kuwa kullum yana sama da sifili, sai mu jefar da shi. Saura t = ln(u + √(u² + 1)). Sa u = x/2, ka ga amsar abokinka ta zama ln(x + √(x² + 4)) − ln 2. Wannan ln 2 ɗin ne kaɗai tsakaninku, kuma C ta haɗiye shi. Gwada daga 0 zuwa 1.5: a 1.5, √6.25 = 2.5, taka ta ba da ln 4 − ln 2, tasa ta ba da arsinh(0.75). Duka biyun ln 2 ne, kusan 0.693.

Inda nake ganin sinh ya yi wa tan nisa shi ne idan √ ɗin yana sama, kamar ∫ √(x² + 4) dx. Da tan za ka faɗa kan 4∫ sec³θ dθ, wanda sai an bi shi kashi-kashi, ya sake dawowa a ɗaya ɓangaren, a kwaso shi a raba biyu. Na sha ganin ɗalibi ya cika shafi guda a nan, ƙarshe ya manta rabin. Da sinh kuwa 4∫ cosh²t dt ne. Tun da cosh²t = (1 + cosh 2t)/2, amsa ita ce 2t + sinh 2t, kuma sinh 2t = 2 sinh t cosh t = x√(x² + 4)/2. Layi uku an gama: 2 arsinh(x/2) + x√(x² + 4)/2 + C. Ko an ba ka √(x² + 6x + 13), rubuta shi √((x + 3)² + 4), ka sa x + 3 = 2 sinh t, aikin bai canza ba.

Amma ka yi hattara da √(x² − 4). A nan x = 2 cosh t ake sawa, kuma yana aiki ne kawai idan x ≥ 2. Idan tambayar ta kai ka x ≤ −2, sai ka sa x = −2 cosh t, in ba haka ba za ka nemi arcosh na lambar da ba ta da shi, kalkuleta ta ƙi ba ka komai. A wannan wurin rubutun logaridim ya fi amfani, domin ∫ dx/√(x² − 4) = ln|x + √(x² − 4)| + C ya ɗauki ɓangarorin biyu, muddin ba ka yar da sandunan nan biyu ba.

Shi kuwa √(4 − x²), ka bar shi da x = 2 sin θ. ∫ dx/√(4 − x²) arcsin(x/2) + C ne. Idan ka ga ln ya fito maka a wannan, koma ka duba, akwai alamar da ka juya a hanya.