Sharhi: shafin Excel na daidaita littafin kuɗi da bayanin banki

Na yi amfani da wani shafin Excel da wani ofishin akanta ke sayar wa ƙananan 'yan kasuwa. Shafuka biyu ne, ɗaya na littafin shige da ficen kuɗi, ɗaya na bayanin asusun da ka sauko da shi daga banki. Da ka zuba su, sai ya shafa ja a kan duk layin da bai samu abokinsa ba a ɗaya ɓangaren.

Ga lissafin wata guda na wani shagon kayan masarufi. Littafi ya nuna ragowar N2,418,500, banki kuma N2,567,062.50, bambanci N148,562.50 ke nan. Nan take shafin ya zaƙulo cek na N150,000 da aka ba dila bai kai banki ba tukuna. Wannan ba kuskure ba ne, jinkiri ne kawai, don haka daga ragowar banki ake cire shi, ba a taɓa littafi. Saura N1,437.50, yanzu kuma littafi ne ke sama. Kwabban da ke wutsiyar adadin su ke nuna cajin banki, domin ɗan kasuwa ba ya rubuta kwabo hamsin. An tura kuɗi sau goma, kowanne an cire N53.75, wato N50 da harajin VAT na kashi 7.5, jimilla N537.50. Wannan kam a littafi ake shigar da shi.

Ragowar N900 ita ce ta nuna iyakar shafin. Ya yi wa layuka biyu ja, amma bai ce abu ɗaya ba ne. Kai ne za ka raba bambancin da 9. In ya rabu ba saura, to ka zargi juya lambobi. Haka kuwa aka yi: N84,500 ta shiga banki, mai rubutu ya sa N85,400.

Babban aibinsa shi ne da adadi kaɗai yake haɗa layuka, babu ruwansa da kwanan wata ko sunan wanda ya biya. In littafi na da N20,000 sau biyu, banki sau ɗaya, duka biyun zai ce sun dace, alhali an maimaita rubutu. Ƙara wannan a gefen layukan shafin littafi yana toshe ɓarakar, in adadin na ginshiƙin D a duka shafukan kuma sunan shafin bankin Banki, duk inda bai ba da sifili ba ka duba:

```
=COUNTIF(D:D,D2)-COUNTIF(Banki!D:D,D2)
```

Kafin komai ka tabbata ragowar farkon wata ta dace da ta daidaitawar watan jiya, domin shafin ba ya bincika wannan. Ga shago mai asusu ɗaya ya biya kuɗinsa. Wanda cinikinsa na POS ke shiga banki a dunƙule bayan an cire caji, rabin shafin zai gani ja, sai ya koma haɗawa da hannu.