Gargaɗi ga masu neman itacen rogo da irin doya: ku kiyayi mai tura hoton gona a waya

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma, musamman na yankin Lafiya, Doma da Agyaragu. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan saboda kunyar a ce an damfare ni, amma da na ga mutumin ya sake dawowa da sabuwar lamba yana tallar hajarsa a zaurukan manoma na WhatsApp, sai na ga shirun da na yi zai zama cuta ga wani. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya ba ni ma na ƙarya ne. Salonsa zan bayyana muku, tun da shi ne ba ya canzawa.

Yana tura hoton gonar rogo kore shar, itace a miƙe, ya ce TME 419 ne tsantsa, kai tsaye daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, har da hoton wata takarda mai hatimi. Irin nan gaskiya ne akwai shi, tun 2005 aka fitar da shi a Najeriya, kuma masu garin rogo da masu sitaci suna son sa saboda auki. Cibiyar ma ba ruwanta da wannan mutum, sunanta kawai ya ara. Idan ka ce kana son ganin gonar, sai ya ce tana da nisa, hanya ba tsaro, ga wasu suna layi, in ba ka tura kafin alƙalami yau ba gobe kaya sun ƙare. Ni da wannan gaggawar ya kama ni, domin ruwa ya sauka, na riga na biya masu huɗa, ƙasa tana jira.

Dami 60 na saya don hekta ɗaya. Lissafin a fili yake. Dami na ƙa'ida sanda 50 ne, kowace tsawon mita guda. Sanda ɗaya tana ba da yanka huɗu ko biyar masu tsawon santimita 20 zuwa 25, wato kamar taƙi ɗaya, kowane da gaɓa biyar zuwa bakwai. In ka shuka a tazarar mita ɗaya ta kowane ɓangare, yanka 10,000 hekta take ci. Dami 60 ya isa har da rarar cike gurbi. Motar ta iso bayan magariba, direban yana ta hanzari wai zai wuce Makurɗi, ya ce sai an tura cikon kuɗin sannan a sauke. Na haska fitilar waya, na ga sandunan waje masu kauri, na tura.

Washegari da muka kwance igiya muka ƙirga, babu damin da ya kai 50. Yawanci 38 ne zuwa 42. Masu kaurin an jera su a waje kamar bango, ciki kuwa sirara ne, ɗanyun kan itace da tsofaffin gindi. Kawuna, wanda ya fi shekara 40 yana noman rogo, ya zaro sanda ɗaya daga tsakiya ya sare ta da wuƙa, ya tsaya yana kallon bakin yankan. Ya ce, "Ɗana, ina nonon?" Babu. Itacen rogo mai rai, da ka yanka shi, nan take farin ruwa kamar madara yake tsatsowa a gefen ɓawo. Wannan a bushe yake ƙamas. Ya kankare ɓawon da farce, maimakon kore mai damshi sai ruwan ƙasa. Ya ce wannan an daɗe da sare shi, kuma a kwance aka bar shi a rana.

Sai ya nuna mini abu na biyu, wanda ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina shuka rogo. A tsakiyar sanda akwai totuwa fara mai laushi, kewaye da ita kuma itace mai tauri. In faɗin totuwar ya wuce rabin faɗin sandar, itacen bai ƙosa ba, ba shi da abincin da zai riƙe tsiro kafin saiwa ta kama, rana biyu ta buga shi ya bushe ko ya ruɓe. Tsohon gindi kuma da ya haura shekara ɗaya da rabi, idanunsa sun mutu ko sun yi nauyin tashi, gara ce take riga shi. Abin da ake so shi ne tsakiyar itacen da ya yi wata 10 zuwa 12 a gona. Ya kuma shafa gaɓoɓin ya nuna mini inda idanu suka gurje saboda jifa da taka kaya a mota. Idon nan shi ne shukar. In ya gurje, icen girki ka binne.

Na ƙi jin shawararsa ta a zubar da rabi, saboda kuɗina sun riga sun tafi kuma lokaci yana wucewa. Wannan kuskurena ne, ba na mai sayarwa ba. Muka tsince waɗanda suka fi dama muka shuka. Bayan mako uku na bi kunya goma ina ƙirgawa, a kowane rami 100 abin da ya tsiro bai wuce 55 zuwa 60 ba. Na kira lambar mai sayarwar, ya ce laifin ƙasata ne. Kira na biyu ya toshe ni.

Amma asarar da ta fi ci mini rai ba ta rashin tsiro ba ce, domin gurbi ana cike shi. Waɗanda suka tsiro ɗin, da yawansu tun ganyen farko suka fito dabbare-dabbare, kore da rawaya, a murɗe, ƙanana, wani gefen ganyen ya fi wani girma. Malamin gona da na kira ya duba ya ce cutar murɗewar ganye ce, wadda suke kira mozayik. Ya bayyana mini cewa hanya biyu take bi. Ko dai ɗan ƙaramin farin ƙudan nan da ke ɓuya a bayan ganye ya ɗauko ta daga wata shuka, ko kuma ta zo a cikin jinin itacen da aka shuka. In ƙuda ne ya kawo, ganyen ƙasa na farko za ka gan su lafiya, sai na sama su lalace daga baya. In kuwa tun ganyen farko ta bayyana, to daga gonar uwa ta taho. Tawa tun ganyen farko ce. Babu feshin da ke warkar da ita, sai dai a tuge shukar, kuma itacen gonar gaba ɗaya bai kamata ya zama iri a baɗi ba. Wato ya cuce ni a shekarar, ya kuma hana ni irin shekarar da ke biye.

A nan dabarar ɗan damfarar take, kuma ina roƙon ku riƙe ta. Wannan cuta a ganye ake ganin ta. Da zarar an sare itace an zage ganyen an ɗaure, ko malamin gona ba zai gane mai ita da ido ba. Nono da totuwa za su gaya maka ko sandar tana da rai, amma ba za su gaya maka ko tana da cuta ba, ba kuma za su gaya maka ko wane iri ne ba. Shi ya sa ba ya yarda a je gona. Da rogon nawa ya yi wata huɗu sai ga shi iri uku a cakuɗe, wani ya yi rassa tun daga gwiwa, wani jan kara gare shi. TME 419 kuwa miƙewa yake sama samɓal, ba ya rassa a ƙasa.

Shi dai wannan mutum ya sayar wa surukina irin doya, ƙwarya biyar, wato guda 500, da sunan ƙananan doya ne da aka noma musamman don iri. Sun iso a shafe da busasshen taɓo. Surukina ya ɗauka alamar sabon tono ce. Da aka wanke 'yan kaɗan sai ga fata duk tsaga-tsaga. Ka kankare da farce, maimakon nama fari mai ruwa sai ka tarar da wani shimfiɗi rawaya, a wasu ma ya koma baƙi-baƙi yana marmashewa kamar gari. Wannan busasshen ruɓa ne, aikin wata tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke zaune a ƙarƙashin fata, daidai inda tsiro yake fitowa. Wasu kuma sun yi ƙuraje da gashin saiwa a jiki, alamar wata irin tsutsar ce daban. Da ya shuka su, da ya kai tsutsar cikin tsibinsa da hannunsa, ta zauna a ƙasa tana jiran doyar gaba. A ƙasan buhunan kuwa ba ma ƙananan doya ba ne, gutsattsarin manyan doyar ci ne da suka ƙi sayuwa, an yanyanka an bulbule su da toka. Toka a bakin yanka abu ne mai kyau da iyayenmu suke yi, amma a nan don rufe ruɓa aka sa ta. Surukina ya fi ni haƙuri, bai shuka ko ɗaya ba.

Irin doya na kirki, in ka ɗaga shi za ka ji nauyinsa ya dace da girmansa, fata sumul, ba rami ba tsaga, ba farin abu kamar auduga manne a kai. Mara nauyi kamar totuwa ya riga ya bushe ta ciki. Ka zaɓi goma daga ƙasan buhu da hannunka, ba waɗanda aka miƙo maka ba, ka wanke, ka kankare, ka yanka ɗaya biyu. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. In ya ce kada a wanke wai iri zai lalace, ka tattara kuɗinka.

Game da rogo, abin da na koma yi shi ne zuwa gonar da kaina tun itace yana tsaye da ganyensa. Ina shiga har tsakiya, ban tsaya a bakin hanya ba, ina duba ganyen sama, ina duba jikin kara ko akwai miki ko ƙaro yana tsatsa ko kan da ya bushe daga sama, ina kuma duba ko gonar duk kama ɗaya ce. A gabana ake sara, a gabana ake ƙirga 50 a ɗaure. In ba zan shuka a makon ba, ina jingine damin a tsaye a inuwa, gindi a cikin ƙasa mai ɗan damshi, ba na yanka sai ranar shuka. Wanda ya ce irinsa mai shaida ne, ka tambaye shi ko yana da rajista da hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, domin jami'anta suna zuwa duba gonar masu rajista, sannan ka tabbatar ta hannun malamin gonar yankinku. Hoton takarda a waya ba shaida ba ce, na gan ta da hatiminta kuma ga inda ta kai ni.

Sabuwar tallar da ya saki makon jiya ta rogo mai launin rawaya ce, mai sinadarin bitamin, kuma hoton gonar shi ne dai wanda ya turo mini bara, har bishiyar mangwaron da ke kusurwa tana nan. Duk wanda ya riga ya tura masa kafin alƙalami, kada ya biya ciko sai an sauke kaya da rana tsaka, an kwance dami biyar daga tsakiyar mota, an ƙirga, an yanka.