Shafin da zai kawo kira da shafin da zai karɓi kuɗi

"Ina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ina kuma ɗan sayar da kayan gyaransu. Zan buɗe shafin intanet. WordPress zan ɗauka ko Shopify?"

Malam, ajiye su duka biyun tukuna. Fara amsa wannan a takarda: wanda ya shigo shafinka, me kake so ya yi kafin ya fita? A sana'arka ko dai ya kira ka, ko ya sayi kaya ya biya nan take, kuma kowanne da irin gininsa.

Ɗauki na kira. Mutumin da firjinsa ya tsaya, kayan ciki suna narkewa, a waya yake nemanka, kuma ba shi da lokacin karanta tarihin sana'arka. Shafi guda ya ishe shi: wuraren da kake zuwa, lokutan aikinka, irin na'urorin da kake gyarawa, sai lambarka a can sama, wadda da ya taɓa ta kira zai tafi:

```
<a href="tel:+LAMBARKA">Kira mu</a>
```

A wurin LAMBARKA ka sa lambar wayarka, ka fara da lambar ƙasa. Auna amfanin shafin ba wuya. Duk wanda ya kira, ka tambaye shi inda ya samu lambar, ka rubuta.

Na sayarwa kuwa, nan aikin yake. Kowane kaya sai da hotonsa, da lambar samfurin firjin da yake shiga, da adadin da ya rage. Ga hanyar biyan kuɗi, ga kai kaya, ga abin da za a yi idan mutum ya sayi wanda bai shiga nasa firjin ba, kuma a kayan gyara wannan ba baƙon abu ba ne. Sannan dole a samu mai sabunta lissafin kullum, in ba haka ba wani zai biya kuɗin abin da ya ƙare tun makon jiya. Kai da kake yini a gidajen mutane da akwatin kayan aiki, wa zai zauna maka?

Buɗe littafin cinikinka na wata uku. Idan yawancin ribar daga gyara take fitowa, ni dai na kira zan ce ka yi. Ka sa wa burin adadi, a ce kira 20 a wata. Adadin ne zai nuna maka inda matsala take. Mutum 300 sun shigo, biyu kacal suka kira? Shafin ne da gyara, wataƙila lambar ta ɓuya ko yana jinkirin buɗewa. Mutum 15 ne kawai suka shigo? To ba a ganinka ne, canza launi ba zai yi magani ba, ka fara da rajista a Google Business Profile, wato inda ake sa sana'a don ta fito a binciken Google da taswirarsa.

Shopify don sayarwa aka gina shi, kuma duk wata ake biyansa. WordPress sai an ɗora masa irin su WooCommerce kafin ya sayar, amma shafin kira guda ɗaya zai yi maka shi ba tare da wannan ƙarin ba.